Wasiƙa ga Abokan Cinikinmu: Wani Ɗan Damfara na Karɓar Kuɗin Taki da Sunan Kantinmu

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena manoma, da duk masu sayen taki, iri da maganin feshi a wajenmu.

Akwai wani mutum da ya buɗe shafi a Facebook da sunan kantinmu, yana tallar taki da araha, yana karɓar kuɗin mutane ta asusun banki. Ba yaronmu ba ne, ba wakilinmu ba ne, ba mu san shi ba. Da yawanku kun san ni malamin gona ne tun kafin in buɗe kanti, mun shiga gonaki tare, mun duba tsutsa a kan masara tare. Wannan yardar da ke tsakaninmu ita mutumin nan yake sayarwa, kuma shi ya sa na ga wajibi ne in rubuto muku dalla-dalla yadda yake aikinsa.

Hotunan da ke shafin nasa namu ne na gaskiya. Ya kwashe hoton allon kanti, da na buhunan NPK da yuriya a jere cikin sito, har da wanda nake tsaye ina yi wa manoma bayani a gonar gwaji. Sunan ma namu ne, sai dai ya ƙara kalma ɗaya a ƙarshe, wadda mai karatu cikin sauri ba zai kula da ita ba. Ban da wannan, abu biyu kaɗai ya canza: lambar waya da lambar asusu. Don haka ganin hotona a shafi ba hujja ba ce cewa da ni kake magana, domin duk mai waya zai iya sauke hoton wani ya ɗora a nasa shafin cikin minti ɗaya.

Ga yadda ya yi wa wani dattijo manomin masara, wanda ya yarda in ba da labarin ba tare da sunansa ba. Ɗansa ne ya ga tallar, an rubuta cewa an samu takin tallafi, buhu mai kilo 50, farashin ya gaza na kasuwa da wajen kashi ɗaya cikin uku, kuma wai saura buhu kaɗan. Yaron ya yi magana, aka ce ya koma WhatsApp. A can aka gaishe shi da ladabi, aka tambayi lafiyar Baba, aka ce buhu nawa ake so. Ya ce goma. Aka ce to ya tura rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami don a ware masa, sauran idan kaya sun iso.

Ya je wajen mai POS. Da aka shigar da lambar asusun, sai sunan wata mace ya fito. Mai POS ɗin ya karanta masa sunan, yaron ya yi turus, ya sake tambaya. Amsar da aka ba shi ita ce asusun kanti ya samu matsalar netwok, wannan na akantan kanti ne. Ya tura. Nan take aka aiko masa da hoton rasit mai tambarin kantinmu, har da hatimi. Washegari aka turo hoton mota ana lodi, aka ce direba yana tasha amma sai an biya kuɗin mota da na 'yan dako kafin ya tashi. Ya sake turawa, wannan karon zuwa wani asusun daban da wani suna daban. Rana ta uku aka ce an tare motar a hanya, ana neman wani abu kafin a sake ta. A nan ne dattijon ya ce a kira ni a tsohuwar lambata da ke jikin rasit ɗin bara. Kafin yaron ya koma WhatsApp ɗin, an toshe shi.

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin kaɗai ba ne. Masara tana son takin farko cikin mako biyu da shuka, sannan yuriya idan ta kai mako huɗu zuwa shida. Bawan Allahn nan ya sayar da akuyoyi ya haɗa kuɗin, kuma kafin ya sake haɗa wani, masararsa ta riga ta yi rawaya a gindi, lokacin takin farko ya wuce. Ɓarawon ya san da wannan. Da gangan yake fitowa a farkon damina, lokacin da kowa hankalinsa ya tashi, yana tsoron kada taki ya yi tsada ko ya yanke.

A duk labarin nan, wurin da za a iya tsira shi ne lokacin da sunan matar nan ya fito. Ina roƙonku ku riƙe wannan ko da kun manta sauran. Lambar asusun banki a Najeriya lamba 10 ce, kuma da zarar an shigar da ita, ko a manhajar banki, ko ta lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya, ko a na'urar POS, sunan mai asusun yana bayyana kafin a sa lambar sirri. Asusunmu ɗaya ne tak, da cikakken sunan kanti, kuma shi ne a rubuce a bangon kanti da ƙasan kowane rasit da muka taɓa ba ku. Ba mu da asusun akanta, ba mu da na direba, ba mu da na matar mai kanti. Idan wani suna ya fito, a tsaya, kome daɗin bayanin da za a yi muku. Wanda ba ya karatun boko ya ce wa mai POS: “Karanta mini sunan da ƙarfi kafin ka tura.” Haƙƙinka ne, kuɗinka ne.

Idan kuna shakka, ku kira mu, amma a lambar da ke kan rasit ko allon kanti. Kada ku kira lambar da ke cikin tallar don ku tambaya ko gaskiya ce, domin shi ne zai ɗauka ya ce gaskiya ce. Masu babbar waya kuma za su iya shiga shafin su duba `About`, sannan `Page transparency`. A nan ake ganin ranar da aka buɗe shafi da ko an taɓa canza masa suna. Nasa bai daɗe da buɗewa ba, kuma ya rufe wurin sharhi don kada waɗanda ya cuta su tona shi.

Batun farashi kuwa, ku da kanku kun san ribar buhun taki ba ta da yawa. Daga kamfani ake saro shi, a biya mota, a biya dako, a biya haya. Babu dillalin da zai zabtare kashi ɗaya cikin uku ya ci gaba da zama a kasuwa. Araha ba ta ado. Takin tallafi na gwamnati kuma yana da hanyarsa ta rajistar manoma da ofisoshin gona, ba a sayar da shi ta saƙon sirri ga wanda ya fara tura kuɗi.

Akwai wata dabara ta biyu da ya fara. Yana kiran mutane ya ce kanti yana rajistar kwastomomi don rabon tallafi, sai ya nemi BVN ko NIN, ko ya ce an turo wata lamba ta saƙon tes, a karanta masa. Idan lamba 6 ce daga WhatsApp, da ita zai ƙwace maka WhatsApp ɗinka, ya shiga neman rance a wajen 'yan'uwanka da sunanka. Idan daga banki ce, da ita zai kammala cire kuɗi daga asusunka. Ba ma neman BVN, ko lambar katin ATM, ko wata lambar da aka turo maka, kuma sayen taki bai taɓa buƙatar su ba. Ku sa yaranku su kunna muku `Two-step verification` a WhatsApp, yana cikin `Settings`, ƙarƙashin `Account`. Minti biyu ya isa.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta hana shi magana. Mutumin nan sana'arsa ke nan, ya cuci masu ilimi da marasa shi. Abu na farko shi ne banki, a ranar, a cikin sa'ar idan da hali, domin irin waɗannan mutane suna watsa kuɗin zuwa wasu asusu ko su cire shi a POS nan da nan. Ka kira lambar da ke bayan katinka ko ka je reshe da kanka, ka ce an damfare ka, ka ba su lambar asusun da aka tura wa kuɗin, adadin, lokacin, da lambar shaidar turawa da ke jikin rasit, wadda ake rubuta ta da `Session ID` ko `Reference`. Idan ta mai POS ka tura, ka koma wajensa ka karɓi takardar, shi ma ya kai ƙorafi ta kamfanin na'urarsa, tunda daga asusunsa kuɗin ya fita. Ka nemi a ba ka lambar ƙorafinka a rubuce. Idan mako biyu ya wuce bankin bai warware ba, ana iya kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

Kada ka goge hirar don ɓacin rai. Ka ɗauki hoton allon komai: shafin, lambar wayarsa, saƙonnin, har muryar da ya turo ka adana. Da su za ka je wajen 'yan sanda ko hukumar EFCC. Yin sojan gona da sunan wani a intanet don a cuci mutane laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Ba zan yi muku alkawarin kuɗi zai dawo ba. Idan an riga an cire shi, dawowarsa tana da wuya, kuma sau da yawa asusun ma na wani ne da aka yaudara ko aka ba shi ɗan abu ya ba da aro. Amma idan ƙorafi ya isa da wuri ana iya riƙe abin da ya rage, kuma kowane ƙorafi yana taimakawa a rufe asusun kafin wani ya faɗa. Sannan a yi hattara da wanda zai kira daga baya ya ce shi jami'i ne, zai dawo da kuɗin idan aka biya kuɗin aiki. Sau da yawa su ɗin ne dai suka sake dawowa.

Mu a namu ɓangaren mun kai rahoto ga 'yan sanda, mun kai ƙarar shafin, mun kuma liƙa sanarwa a ƙofar kanti. Ku taimaka mana: wanda ya ci karo da shafin ya danna ɗigo uku da ke samansa, ya zaɓi `Report`, ya nuna cewa shafin yana kwaikwayon wata sana'a ne. Kada a tsaya zaginsa ko jayayya da shi. Ko an rufe wannan zai iya buɗe wani da sabon layi, shi ya sa duba sunan asusu ya fi komai.

Shugabannin ƙungiyoyin manoma, da iyayenmu mata masu adashi da ke haɗa kuɗi su sayi taki a dunƙule, ku ne kuka fi tura kuɗi mai yawa a lokaci ɗaya. Don Allah ku karanta wa membobinku wannan wasiƙa a taronku na gaba, a kuma faɗa a masallaci da majalisa saboda waɗanda ba sa karatu. Duk wanda aka riga aka cuta da sunanmu ya zo kanti da rasit ɗinsa da wayarsa, zan zauna da shi mu rubuta ƙorafin tare, in kuma haɗa shi da rahoton da muka shigar.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Malamin gona, mai kantin taki da iri