Kashi goma, biyar da sha biyar: lissafin bil da ka

Malam, in an kawo min bil a gidan abinci, yaya zan fitar da kashi goma cikin ɗari ba sai na ciro waya ba?

Sa babban yatsanka ka rufe lambar ƙarshe, ka karanta abin da ya rage. A ce kun ci na naira 18,400. Rufe sifilin ƙarshe, sai ka ga 1,840. Shi ke nan. Ai kashi goma cikin ɗari shi ne ushiri, wato naira ɗaya a kowace goma.

In da baki aka faɗa maka kuɗin, ba takarda, riƙe wannan: kowace dubu tana ba da ɗari, kowace ɗari tana ba da goma. Dubu goma sha takwas sun ba da dubu ɗaya da ɗari takwas, ɗari huɗun nan kuma arba'in.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne rasit ɗin inji, mai buga 18,400.00. Na ga wanda ya rufe sifilin kwabo yana ta zare ido, wai kuɗi bai ragu ba. Fara watsar da abin da ke bayan ɗigo tukuna. In kuma lambar ƙarshe ba sifili ba ce, kamar 7,285, ka samu 728 da 'yan kwabbai. Ka ce 730 ka huta.

To kashi biyar fa?

Rabin wancan ne. Raba 1,840 gida biyu, amma kada ka ɗauke shi gaba ɗaya: rabin 1,800 shi ne 900, rabin 40 kuma 20, ka samu 920. Manomi ya daɗe da sanin wannan a zakkar hatsi: buhu sittin na damina a fitar da shida, in da kuɗi aka yi ban ruwa a fitar da uku.

Ɗana zai tafi karatu Amurka, an ce can dole a bar wa mai kawo abinci kashi sha biyar. Me zan gaya masa?

Alhaji, ka ce masa ushiri da rabinsa. Ba doka ba ce, al'ada ce mai ƙarfi, kuma tana da dalili: dokar tarayyarsu ta yarda a biya ma'aikacin da ke samun tukuici dala 2.13 kacal a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, ko da yake wasu jihohi sun ɗaga nasu. Da tukuicin yake cika albashinsa.

A ce bil ya zo dala 46.80. Kada ya tsaya kokawa da 'yan canji, ya maishe shi 47. Ushirinsa 4.70, rabin ushiri 2.35, a haɗa 7.05. Ya ajiye dala bakwai. Sai dai yanzu sha biyar ɗin kamar mafi ƙaranci ne, mutane da yawa ashirin suke bari, wanda ya ma fi sauƙi: a ninka ushiri, 9.40. Ya kuma duba ƙasan takardar in suna da yawa a tebur, don wasu wuraren sukan sa tukuicin a ciki tun farko, kada ya biya sau biyu.

A otal sun ɗora min kashi goma na hidima da 7.5 na haraji. Ta yaya zan gane ko daidai ne?

Harajin da ake rubuta wa VAT a rasit ya tashi daga 5 zuwa 7.5 a Najeriya a watan Fabrairun 2020, kuma mutane na ganin lambar ta yi wuyar kamawa. Ba ta yi ba, rabin sha biyar ce. A kan 18,400 ɗinmu, 1,840 da 920 sun ba da 2,760, rabinsa 1,380. Jimilla da kuɗin hidima 21,620.

In ka ga 1,518 a maimakon 1,380, ba kuskuren inji ba ne. An fara haɗa kuɗin hidima ne, bil ya zama 20,240, sannan aka ɗora harajin a kansa. Alamar ita ce rarar naira 138, daidai ushirin 1,380. Shi ya sa ba a haɗa kaso biyu da ka sai an tabbatar a kan kuɗi ɗaya aka ɗora su.

In jimilla kawai na sani, 20,240, in cire ushirinta na samu kuɗin asali?

A'a, Hajiya. Za ki cire 2,024 ki tashi da 18,216, kin yi ƙasa da naira 184. Kuɗin asali tuli goma ne, hidima ta zama na sha ɗaya, don haka gida goma sha ɗaya za ki raba 20,240. Kowane tuli 1,840, goma daga ciki 18,400.