Sake jera sassan rubutu kafin a miƙa su ga samfurin harshe

Sake jeri mataki ne na tsakiya a tsarin da ke amsa tambaya daga rumbun takardu. Injin bincike yana fara kwaso sassan rubutu masu yawa cikin sauri, sannan wani samfuri na daban ya auna kowane sashe da tambayar, ya ba shi maki, a ɗauki 'yan kaɗan na sama a miƙa wa samfurin da zai rubuta amsa.

Tarihi

Dabarar ta girmi manyan samfuran harshe. Ma'aunin BM25, wanda har yau ake kwason farko da shi, ya fito daga tsarin Okapi na Jami'ar City da ke Landan, a aikin Stephen Robertson da abokansa, wajen shekarar 1994. Kalmomi yake ƙirgawa: sau nawa kalmar tambaya ta bayyana a sashe, da kuma ƙarancinta a rumbun gaba ɗaya. A 2016 Microsoft ta saki tarin tambayoyi na MS MARCO, a 2018 Google ta fitar da samfurin harshe mai suna BERT. A farkon 2019 Rodrigo Nogueira da Kyunghyun Cho suka sa BERT ya sake jera sassa 1,000 da BM25 ya kwaso, sakamakon ya haura ninki biyu na BM25 shi kaɗai. Amfani da matakin a gaban samfurin rubuta amsa ya yaɗu ne bayan 2020.

Yadda yake aiki

Kwason farko yana da sauri domin an riga an sarrafa sassan tun kafin tambaya ta zo, kowanne shi kaɗai. Mai sake jeri kuwa yana karanta tambaya da sashe a haɗe, don haka yana gane ko sashen ya amsa tambayar ko kalmominta kawai ya ɗauko. Kuɗinsa shi ne lokaci: sassa 50 na nufin karatu 50 a kan kowace tambaya, shi ya sa ba a amfani da shi a kan rumbun duka. An saba kwaso 50 zuwa 100, a miƙa 3 zuwa 10.

```python
from sentence_transformers import CrossEncoder
m = CrossEncoder("BAAI/bge-reranker-v2-m3", max_length=512)
maki = m.predict([(tambaya, s) for s in sassa])
```

Misali

A ɗauka wata ƙungiyar manoma a Kaduna ta tara takardun malaman gona, wani ya rubuto: "Sati nawa bayan shuka ake zuba wa masara yuriya?" BM25 ya kwaso sassa 50. Na ɗaya yana magana kan farashin buhun yuriya, ya maimaita kalmar sau shida. Na biyu kan takin shinkafa ne. Sashen da ke da amsar yana matsayi na 23, domin marubucinsa bai ce "zuba" ba, cewa ya yi a ba masara kashi na biyu na taki sati 4 zuwa 6 bayan shuka. In aka miƙa biyar na sama kai tsaye, samfurin zai amsa da lokacin shinkafa, ko ya ƙirƙiro nasa. Mai sake jeri yana iya ɗago na 23 zuwa sama, ya tura na farashi ƙasa.

Ba a cusa duka 50 ɗin ba saboda tsada, da kuma abin da binciken Nelson Liu da abokansa ya nuna a 2023: samfura sun fi amfani da abin da ke farko ko ƙarshen dogon rubutu, na tsakiya yakan shige musu.

Inda yake gazawa

Abin da kwason farko bai kawo ba, sake jeri ba zai samo shi ba. A Hausa wannan yakan faru ta haruffa masu lanƙwasa: mai tambaya ya buga "maganin kwari" a wayarsa, takarda kuma ta rubuta "ƙwari", BM25 ya ɗauke su kalmomi biyu. Ana gane haka ta duba jerin 50 ɗin da ido. In amsar ba ta ciki, a gyara kwason ta daidaita haruffa a ɓangarorin biyu. Sauya mai sake jeri ɓata lokaci ne.

Na biyu shi ne tsawo. Abin da ya wuce `max_length` ana datse shi ba tare da gargaɗi ba, kuma Hausa takan cinye wannan iyaka da wuri, domin ana farfasa kalmominta gutsi-gutsi fiye da na Ingilishi. Alamarsa ita ce dogayen sassa masu amsa a ƙarshe su riƙa samun ƙaramin maki.

Na uku harshe ne. Samfuri irin `cross-encoder/ms-marco-MiniLM-L-6-v2` da Ingilishi aka horar da shi, makinsa a kan Hausa ba abin dogaro ba ne.

Aunawa

Ana tara tambayoyi da aka san amsarsu, a lissafa `MRR@10` kafin sake jeri da bayansa: in sashen da ke da amsar ya zo a matsayi na ɗaya maki 1, na biyu rabi, abin da ya wuce na goma sifili, sannan a ɗauki matsakaicin makin duka tambayoyin. Sa babban samfurin harshe ya yi jerin da kansa ma ana yi. Ana saɓani kan ko ribar ta biya tsadar.