Jan jini bayan bayan gida

Jan jini bayan bayan gida shi ne jinin da mutum kan gani jajir a jikin takardar goge dubura, ko a hannu lokacin tsarki. Launinsa galibi na nuna cewa daga kusa ya fito, wato dubura ko ƙarshen babban hanji. Jinin da ya taso daga can sama, kamar na gyambon ciki, yakan sa kashi ya yi baƙi ƙirin da danƙo da mugun wari, ko da yake maganin ƙarin jini ma yana baƙanta kashi.

Abin da ya fi haddasa shi basir ne, wato kumburin jijiyoyin jini na dubura, wanda taurin bayan gida, yawan yunƙuri, daɗewa a tsugune da juna biyu ke jawowa. Basir na ciki galibi ba ya ciwo. Jinin yakan ɗiga bayan an gama, ko ya shafi saman kashin, ba ya cakuɗa da shi. Wani lokaci tsiro kan leƙo waje ya koma. Tsagewar dubura kuwa da zafi take zuwa, kamar an yanka da reza, kuma raɗaɗin kan daɗe bayan an tashi, alhali jinin kaɗan ne. Idan jinin ya zo da majina da gudawa da murɗar ciki, an fi zaton atuni.

Samun basir ba ya kore wata cutar. A ƙasar Hausa kusan duk matsalar dubura basir ake ce mata, a yi ta shan jiƙo, ga shi masai mai rami ba ya bari a ga kamannin kashin. Ta haka sankarar hanji ke samun lokacin yaɗuwa. A ɗauki magidanci mai shekara 52 da ya daɗe da basir, sai a watannin nan jinin ya fara gauraya da kashi, yana zagawa sau da yawa amma yana jin bai gama ba, ya rame, yana haki. Tsohon basir ɗinsa ba zai bayyana wannan sauyin ba, hanjinsa ne ya kamata a duba.

Haka ma duk wanda jinin ko sauyin bayan gidansa ya wuce mako 3, ko wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancin jini, ko wanda iyayensa ko 'yan uwansa na jini suka yi sankarar hanji, musamman idan ya haura shekara 40. Jini mai yawa da gudaji, tare da jiri ko suma, na gaggawa ne.

Likita kan fara da sa yatsa cikin safar hannu ya lalubi dubura, sannan ya leƙa da gajeren bututu mai haske. Wannan ƙasa-ƙasa kawai yake nunawa. Ganin babban hanji duka sai da kolonoskofi, dogon bututu mai kyamara, bayan an sha maganin wanke ciki. Da shi ake cire ƙananan tsiro kafin su rikiɗe su zama sankara, ko a gutsuro nama a kai gwaji.