Harshen damo a hurumin ma'aunai

A ilimin manɗiƙi da nazarin harshe, kalmomi irin su "kowa" da "wani" ana kiran su ma'aunai, domin su ke nuna yawan waɗanda magana ta shafa. Hurumin ma'auni shi ne ɓangaren jimla da ikonsa ya rufe. Idan ma'aunai biyu suka haɗu, ba a kuma san wanne ke cikin hurumin wanne ba, sai jimlar ta yi harshen damo.

A ɗauki "Kowa yana son wani". Tana iya nufin kowa na da wanda yake so, nawa daban naka daban. Tana kuma iya nufin akwai mutum guda wanda kowa da kowa ke so. Babu kalma mai ma'ana biyu a nan. Tambayar kawai ita ce wa aka fara tsayarwa, masoyi ko abin so.

Rubutun alamomi na raba wannan gardama. Alamar ∀ na nufin "ga kowane", ∃ na nufin "akwai", S(x,y) kuma "x yana son y". Ana karantawa daga hagu, wanda ya zo farko shi ke da hurumi mafi faɗi:

∀x∃y S(x,y)

∃y∀x S(x,y)

A ta farko, sai an ɗauko x kafin a nemo masa y, don haka y na iya canzawa daga mutum zuwa mutum. A ta biyu an riga an tsayar da y, dole shi ɗin ne zai yi wa kowa.

Mutum uku sun isa gwaji. A ce A na son B, B na son C, C na son A, ba wata soyayya bayan wannan. Ta farko ta tabbata, tunda ba wanda ya rasa abin so. Ta biyu ta faɗi, domin kowannensu masoyi ɗaya tak gare shi, ita kuwa tana neman mai masoya uku, har da shi kansa. Amma duk inda ta biyu ta tabbata, ta farko ma ta tabbata. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya wannan hanya: daga "kowace lamba akwai wadda ta fi ta" a faɗa cikin "akwai lambar da ta fi kowace lamba". Ta farko gaskiya ce, ta biyu ƙarya. Idan ma'aunan iri ɗaya ne kuwa, kamar ∀x∀y, musanya su ba ya canza komai.

Masanin manɗiƙi Gottlob Frege ne ya fito da tsarin da ke fayyace hurumi haka a 1879, ko da yake da wasu alamomi na daban. Alamar ∀ ta wani masanin manɗiƙi ce, Gerhard Gentzen, daga 1935. Sai dai alamomin ba sa faɗin abin da mai magana ya nufa. Tilasta wa mai rubutu suke yi ya zaɓi ma'ana guda, kuma idan ya zaɓi wadda ba ita ba, haka za ta zauna a rubuce.