Sikanar bolum da juyin alƙibla a kasuwar kirifto

Sikanar bolum ƙaramin shiri ne na kwamfuta da ke zagaya koyin ɗin da ke wata kasuwar kirifto ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko kyandirorin farashinsu, wato taƙaitaccen yadda farashi da ciniki suka kasance a kowane tsawon lokaci kamar minti 15 ko awa 4, ya tambayi kowanne abu biyu: shin cinikin da ake yi a kanka yanzu ya fi wanda aka saba nesa ba kusa ba, sannan shin alƙiblar farashinka ta juya ne kwanan nan? Wanda ya amsa e a duka biyun shi ake turo wa mai sikanar sunansa, galibi ta Telegram. Ba ta saye ba ta sayarwa, aikinta kawai ta rage ɗaruruwan koyin zuwa 'yan ƙalilan da mutum zai buɗe cati ya duba da idonsa. Ana haɗa sharuɗɗan biyu ne saboda kowanne shi kaɗai surutu gare shi, bolum, wato yawan cinikin da aka yi, yana tashi ko don wani babban mai kuɗi ya zubar da kayansa, layukan alƙibla kuma suna ta giftawa juna a kasuwar da ba ta zuwa ko'ina.

Inda bayanan ke fitowa

Kasuwanni irin su Binance, Bybit da OKX suna ba da kyandirori kyauta ta API ba sai da makullin asusu ba. A Binance adireshin shi ne `/api/v3/klines`, kuma kowane kyandir yana zuwa da lokacin buɗewa, farashin buɗewa, ƙololuwa, ƙasa, farashin rufewa, sai bolum kala biyu, ɗaya da adadin koyin ɗin kansa ɗaya kuma da kuɗin da aka saye shi da shi, wato USDT. Na biyun ya fi amfani, don koyin miliyan ɗari ba ya nufin komai in kowane ɗaya bai kai ko sisi ba. Masu rubutu da Python da yawa suna bi ta laburaren `ccxt` da umarnin `fetch_ohlcv`, wanda ke sa a iya canza kasuwa da gyara layi ɗaya, sai dai shi galibi bolum na koyin yake bayarwa, to sai ka ninka da farashin rufewa ka samu kimanin na USDT. Wannan sauƙin canjin ya yi wa 'yan Najeriya rana tun Fabrairun 2024 da aka toshe shafin Binance a layukan sadarwar ƙasar.

Kafin a fara jan kyandirori ana tace jerin tukuna. Ana cire sitebulkoyin irin su USDC tunda farashinsu dala ɗaya yake zagayawa, ana cire duk wanda cinikinsa na awa 24 bai kai wani mizani ba, misali dala miliyan 1, sannan a cire sabon shiga da bai tara kyandir 200 ba. Kowane koyin buƙata ɗaya ce ake aikawa, in aka yi ta aikawa ba hutu Binance za ta mayar da lambar `429`, in aka ƙi tsayawa ta koma `418` ta rufe adireshin IP ɗinka na wani lokaci, shi ya sa ake kunna `enableRateLimit` a `ccxt` don ya riƙa ba da tazara tsakanin buƙatu.

Auna bolum da ba a saba gani ba

Ba a kwatanta koyin da wani koyin, ana kwatanta shi ne da kansa. A ɗauki bolum na kyandir na ƙarshe a raba da abin da ya saba yi a kyandirori 20 da suka gabace shi, amsar ita ake kira RVOL. In ta ba da 1 komai daidai yake, in ta kai 3 to an ninka sau uku kenan, kuma mutane da yawa daga nan suke sa iyaka, ko da yake ba doka ba ce, a kyandir na minti 15 sau uku abu ne na yau da kullum, a na awa 4 kuwa magana ce.

Inda aikin yake shi ne yadda ake lissafa "abin da ya saba". Mafi yawan masu farawa suna tara ashirin ɗin su raba da 20, kuma nan matsalar take. Ga misali da lambobin kwatance: wani koyin yana yin kusan 200,000 USDT a kowane kyandir na awa 4, haka ya yi sau 19, sai sau ɗaya shekaranjiya da wani labari ya fita ya yi 4,000,000. In aka tara za a samu 7,800,000, a raba da 20 ya ba da 390,000. Yau sai ga kyandir ya rufe da 800,000, in ka raba da 390,000 za ka samu 2.05, bai kai 3 ba, sikana ta yi shiru ta wuce, alhali koyin ɗin ya ninka abin da ya saba sau huɗu cur. Maganin shi ne a jera ashirin ɗin daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya, wato `median`, wanda a nan 200,000 ne, RVOL ta fito 4. Kyandir ɗaya mahaukaci ba ya iya jan na tsakiya, amma yana lalata matsakaici har sai ya fita daga cikin ashirin ɗin, kwana uku da 'yan awanni kenan sikanar tana makance a kan wannan koyin. Kuma kar a saka kyandir ɗin da ake aunawa cikin ma'aunin nasa, a ja baya da ɗaya.

Bolum ba ya faɗin ko saye ne ko sayarwa, don duk cinikin da aka yi akwai mai saye akwai mai sayarwa. Don haka in juyin sama ake nema sai a ƙara cewa kyandir mai babban bolum ɗin ya rufe sama da inda ya buɗe, kuma kusa da ƙololuwarsa. Wanda ya harba sama ya dawo ya bar dogon wutsiya a kansa, ma'anarsa an samu masu zubar da kaya a kan waɗanda suka rugo.

Juyin alƙibla da ma'anar sabo

Hanya mafi sauƙi ita ce layi biyu na EMA, gajere da dogo, misali 20 da 50. EMA matsakaicin farashi ne da ke ba kyandirorin baya-bayan nan nauyi fiye da tsofaffi, nauyin kuwa `2/(n+1)` ne, kenan a EMA 20 sabon kyandir yana da kusan kashi 9.5 cikin ɗari, a EMA 50 kusan kashi 4. Idan gajeren ya tsallako dogon daga ƙasa zuwa sama an ce alƙibla ta juya. Kuskuren da ake yawan gani shi ne mutum ya rubuta sharaɗin "EMA 20 yana sama da EMA 50" ya tsaya nan, to ai wannan gaskiya ne ko da wata guda da ya wuce aka tsallaka, sai sikanar ta cika ka da koyin da suka gama tafiyarsu. Abin da ake nema shi ne lokacin tsallakawar kansa, yanzu yana sama, a kyandir na baya yana ƙasa, kuma hakan ya faru cikin kyandirori 3 na ƙarshe.

```python
df = df.iloc[:-1]
tushe = df["vol"].shift(1).rolling(20).median()
rvol = df["vol"] / tushe
e20 = df["close"].ewm(span=20, adjust=False).mean()
e50 = df["close"].ewm(span=50, adjust=False).mean()
sama = e20 > e50
juyi = sama & ~sama.shift(1, fill_value=True)
alama = juyi.tail(3).any() and rvol.tail(3).max() >= 3
```

An ba da tazarar kyandir 3 ne saboda abubuwan biyu ba kasafai suke faɗowa a kyandir ɗaya ba, bolum ne ke fara zuwa, EMA kuma bayan farashi yake bi sai ya tsallaka daga baya. Wasu suna ƙara cewa sai gajeren layin ya yi aƙalla kyandir 10 a ƙasa kafin tsallakawar, wannan yana korar koyin da layukansa suka nannaɗe juna suna hawa suna sauka duk bayan 'yan awanni, kuma a ganina ya fi duk wani ƙarin indiketa da za a lafta wa sikanar amfani.

Kyandir da bai rufe ba

Layin farko na wannan lambar, `df.iloc[:-1]`, yana jefar da kyandir na ƙarshe, kuma in aka manta da shi komai ya ɓaci. Kasuwa tana turo kyandir ɗin da ake ciki tare da sauran, shi kuwa bai gama ba. A koma kan koyin ɗin can: kyandir ya buɗe ƙarfe 9 na safe, ƙarfe 10 ya tara 250,000, sikanar ta ga RVOL 1.25 ta ce ba komai, alhali a awa ɗaya ya wuce abin da yake yi a awa huɗu. Ta ɗaya gefen kuma farashi zai iya harbawa ƙarfe 11, EMA 20 ya leƙa sama, saƙo ya shigo waya, kafin ƙarfe 1 farashin ya dawo tsallakawar ta ɓace daga cati kamar ba a yi ba. Alamar wannan ciwon a fili take, in kana samun sigina amma ka buɗe cati daga baya ba ka ga inda layukan suka gifta ba, to kyandir mai rai kake karantawa. A TradingView ma haka abin yake, can ana zaɓar `Once Per Bar Close` wajen saita ƙararrawa ko a sa `barstate.isconfirmed` a Pine Script.

Kyandirorin Binance da agogon UTC suke tafiya, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da awa ɗaya, kenan na awa 4 suna rufewa ƙarfe 1, 5 da 9 na safe da kuma 1, 5 da 9 na rana zuwa dare, na kwana guda kuma ƙarfe 1 na dare. A sabar da ke kan UTC layin cron `2 */4 * * *` zai tada sikanar minti biyu bayan kowace rufewa. Gara a ɗora ta a ƙaramar saba ta haya da a bar ta a laftof ɗin da wuta ko data za su iya yankewa. Sannan a riƙa ajiye sunan koyin da lokacin tsallakawarsa a wani fayil, in ba haka ba tazarar kyandir 3 ɗin nan za ta sa saƙo ɗaya ya shigo sau uku.

Abin da ba ta iya gani

Sikanar ta yarda da duk lambar da kasuwa ta ba ta. A 2019 kamfanin Bitwise ya gabatar wa hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka rahoto cewa kusan kashi 95 cikin ɗari na bolum ɗin Bitcoin da kasuwanni ke bayyanawa a lokacin na bogi ne, mutum ɗaya na saya daga hannun kansa. Ana gane irin wannan in bolum ya yi tsalle amma farashi bai motsa ba, ko adadin cinikayya, wanda Binance ke bayarwa a cikin kowane kyandir, bai ƙaru tare da shi ba. Haka kuma 'yan gurup ɗin da ke hura ƙaramin koyin su zubar suna samar da daidai hoton da sikanar ke nema, babban bolum da sabon juyi, wannan ne dalilin mizanin dala miliyan 1 ɗin can, kuma ko shi bai hana duka ba.

Akwai kuma ranar da Bitcoin ya motsa da ƙarfi, sai koyin 40 su fito lokaci guda, wannan kasuwa ce gaba ɗaya ta tashi ba wani abu na musamman a kansu ba, masu hankali suna jera su da RVOL su duba na sama kaɗai ko su raba RVOL ɗin kowanne da ta Bitcoin. Don sanin ko iyakar 3 da layukan 20 da 50 sun dace da kasuwarka, ana rubuta kowace sigina da farashin lokacin, a dawo a duba inda farashin yake bayan kyandir 6 da bayan 18, a haɗa har da waɗanda suka faɗi da kuɗin da kasuwa ke cira a kowane ciniki, sai an tara da dama sannan a taɓa lambobin, kuma ɗaya bayan ɗaya.