Ma'anar «cigaba» a bakin masu ɗaukar ma'aikata

Kwanan nan da wuya a ji sanarwar ɗaukar ma'aikata a gidajen rediyon Maraɗi ba a ce «aiki ne mai cigaba» ba, kuma abin da ke damuna shi ne yadda ake amfani da kalmar wajen lallashin matashi ya karɓi ƙaramin albashi, ba tare da an faɗa masa gaban da zai ci ba. A asalinta kalmar tafiya ce: mutum ya bar inda yake, ya matsa gaba. Tafiya kuwa tana da zango da lokacin isa, shi ya sa Hausawa suka ware cigaban mai haƙar rijiya, wanda yake ta aiki amma ƙasa yake yi.

A wurin aiki abubuwa uku ake cakuɗawa: ƙarin muƙami, ƙarin daraja a takardar albashi, da ƙarin sanin da mutum zai iya ɗauka ya tafi da shi wani wuri. Na farkon shi ne mafi arha ga mai kamfani, domin ana iya kiran mutum shugaban sashe alhali darajarsa da albashinsa da kuɗin da ake zuba masa a asusun fanshon ma'aikata na CNSS ba su motsa ba. A ganina wannan ƙarin kaya ne kawai, bai cancanci sunan cigaba ba.

Ɗan yayata, wanda ya karanta lissafin kuɗi, ya zo mini da tayi biyu. Wata ƙungiyar agaji ta ba shi jika 250 a wata da kwantaragin shekara 2, wani kamfanin kasuwanci kuma ya ba shi jika 170 da kwantaragi maras wa'adi, tare da alkawarin jika 230 bayan shekara 2 da jika 300 bayan shekara 4. Ya ce: «Kawu, kowa yana cewa in ɗauki mai cigaba.» Na ce masa: «Ɗana, kawo takarda mu ƙirga.»

A shekara 2 na farko giɓin jika 80 ne kowane wata, wato jika 1,920. Idan ƙungiyar ta sabunta masa a kan albashin nan, giɓin zai koma jika 20 a shekara ta 3 da ta 4, a ƙara jika 480, jimla jika 2,400. Sai a shekara ta 5 kamfanin zai wuce gaba da jika 50 a wata, kuma da wannan ratar sai an yi wata 48 kafin a cike abin da ya rasa. Ke nan, ko da an cika kowane alkawari a kan lokaci, sai ƙarshen shekara ta 8 aikin mai cigaba zai kamo ɗaya. Ya yi shiru yana kallon takardar, domin yana da aure a gabansa da kuɗin haya a unguwar Ali Ɗan Sofo, waɗanda ba za su jira shekara 8 ba.

Amma lissafin yana da ɗaya fuskar. Aikin ƙungiyar agaji yana rataye ne da kuɗin masu ba da tallafi, kuma idan shirin ya rufe bayan shekara 2, ya zauna wata 6 babu aiki, alhali da a kamfanin yake da ya karɓi jika 1,380 a wannan lokacin, giɓin ya sauko daga 1,920 zuwa 540. Saboda haka babban albashin ma ba a auna shi shi kaɗai, sai an haɗa da tsawon ransa.

Abin da ya rage shi ne gane ko alkawarin kamfanin na gaske ne, kuma a nan na ba shi tambayar da na fi yarda da ita: wanda ya zauna a kujerar nan kafin kai, ina yake yanzu? Idan ya hau sama a cikin kamfanin, ko ya fita da sanin da ya sa wani wuri ya ɗauke shi da daraja, akwai hanya. Idan kuwa mutum uku sun zauna sun tafi a kan albashi ɗaya, ko kujerar da ke sama ta ɗan mai gida ce, kamar yadda ake yawan gani a kasuwancin iyali, to babu matakin da za a taka. Na kuma ce ya nemi a rubuta jika 230 ɗin da ranar fara biyanta a cikin kwantaragi, ya tambaya ko za a bar masa haɗa lissafin ƙarshen shekara da takardun haraji, ko kuwa rubuta rasit kawai zai yi ta yi.

Da ya koma, sun amince su rubuta ƙarin farko, amma sun ƙi rubuta na jika 300. Muka cire shi daga lissafin gaba ɗaya, muka sake ƙirgawa.