Lambar Bluetooth da ke jikin kwali: me take nufi ga mai sayen iyafis ko sifika?

An rubuta Bluetooth 5.3 a kwalin. Zai fi mai 4.2 nisan zango ke nan?

Ba lallai ba. Da 5.0 ya fito a 2016 an ce zangonsa ya ninka sau huɗu, kuma gaskiya ne, amma a ɓangaren LE, wato Low Energy mai ƙarancin cin batir, wanda agogon hannu da ƙananan na'urori ke aika ɗan bayani da shi. Don a samu wannan nisa sai an rage gudu zuwa kilobit 125 a daƙiƙa, wanda bai isa ɗaukar kiɗa mai kyau ba. Yawancin sauti har yau ta tsohuwar hanya yake bi, wato Classic. Can kuwa ƙarfin rediyon ne ke magana: rediyo mai matakin Class 2 yana fitar da miliwat 2.5, kimanin mita 10, Class 1 kuma har miliwat 100, kusan mita 100 a fili.

Jikin mutum ma shinge ne, domin ruwan jiki yana shanye siginar 2.4 GHz. Shi ya sa idan waya tana aljihun baya sauti ke yankewa, da an dawo da ita aljihun gaba sai ya daidaita.

To batir fa?

Sabbi sun fi riƙe caji, amma saboda ingancin kayan cikinsu ne, ba lambar ba. Ragin cin batir na gaske yana tare da LE Audio, sabuwar hanyar aika sauti ta LE, wanda ya dogara da 5.2 kuma yake matse sauti da tsarin LC3. Sai dai kamfani yana iya rubuta 5.3 bai saka shi ba, tunda ba tilas ba ne. Nemi kalmar LE Audio ko LC3 a kwalin, kuma dole wayarka ma ta san shi.

Wayata 4.2 ce. Za ta haɗu da sabon iyafis?

Za ta haɗu. Suna aiki da abin da dukansu suka iya.

Me zan duba ke nan?

Tsarin matse sauti. Kowace na'urar sauti ta Classic tana da SBC. AAC, aptX da LDAC ƙari ne. A ce ka sayi mai 5.3 da LDAC, wanda ke kai kilobit 990 a daƙiƙa, alhali iPhone gare ka. iPhone ba ya aika LDAC ko aptX, don haka AAC za ka ji, kuɗin da ka ƙara ya tafi a banza. A kan Android LDAC zai yi aiki, amma 990 yana cin batir, kuma a cunkoson kasuwa yakan yi ta tsinkewa. Sauke shi zuwa 660.

Kafin ka biya, haɗa shi da wayarka a shagon. A Android, shiga `Settings`, ka nemo `Build number` a ƙarƙashin `About phone`, ka taɓa shi sau bakwai, buɗe `Developer options`, ka duba `Bluetooth audio codec` ka ga wanda ke aiki. Sannan ajiye wayar a kan kantar shagon, ka taka mita goma kana sauraro.